Zamna ko zauna?

Ɗalibin da ya naɗi muryar tsofaffi a Adar ko Gobir, ranar da ya zo mayar da ita rubutu, tambaya ɗaya ke tare shi: abin da kunne ya ji zai rubuta, ko abin da ƙamus ya tanada? Wata ɗaliba ƴar Madawa, mai nazarin tatsuniyoyin kakarta, ta yi karo da tambayar a jimla guda. Tsohuwar ta ce Gizo ya tahi ya zamna bisa hwarin dutsi. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, tana son tafi da zauna da fari.

Tahi da hwari ba su wahalar da ita ba. Sauti ɗaya ne da furuci biyu: inda Bakano ke da f, mutumin yamma yana cewa hw kafin a, ya ce h kafin i. In an rubuta fari, Ba'adare zai karanta hwari da bakinsa, ba a raba shi da komai ba. Sai dai a kula, ba kowane h ake mayarwa f ba. Hanya da hanci da himma haka suke a ko'ina.

Zamna kuwa wata magana ce. A nan baƙi ne sukutum ya sauya. Tun ƙarshen shekarun 1920 August Klingenheben ya nuna cewa wasu baƙaƙe, in sun zo ƙarshen gaɓa, sukan raunana su koma u. Baƙaƙen hanɗa sun yi haka a Hausa baki ɗaya, shi ya sa talaka ke fama da talauci. Na leɓe, irin su m da b, a gabas suka raunana, yamma ta riƙe su: sabka ta zama sauka, amre ta zama aure, zamna ta zama zauna. Shaidar tana cikin Kanancin kansa, don Bakanon da ke cewa aure, amarya yake kaiwa ɗaki, kuma wanda ya zauna, zama ya yi. Ke nan furucin tsohuwar ne ya girmi na ƙamus, ko da yake sau da yawa shi ake ja wa jan layi a takarda.

Malaminta ya so a daidaita komai, saboda mai karatu a Damagaram ko Kano, da mai neman kalma a ƙamus. Hujjarsa tana da ƙarfi: in kowa ya rubuta karin garinsu, littafin ƴan makaranta ɗaya ba zai ishi ƙasa ba. Ita kuwa ta raba aikin gida biyu. A sharhinta, inda ita ke magana, zauna ta rubuta. A bakin kakarta ta bar zamna da amre, ta daidaita fari da tafi, ta bayyana ƙa'idar hw da h sau ɗaya a gabatarwa. Gardamarsu ta tsaya a kan arme, yadda tsohuwar kan juya amre wani lokaci. A nan malamin ya nemi a sa bayani a ƙasan shafi, ta yarda.