Ratar tayi da sallama: kuɗin da ke fita ba tare da rasit ba

A duk kasuwar da ake saye da sayar da abu ɗaya a kai a kai, farashi biyu ne ke tafiya tare. Akwai mafi tsadar farashin da wani mai saye ya taya, akwai kuma mafi arahar farashin da wani mai kaya zai sallama. A allon manhajojin cinikin hannun jari da na kuɗaɗen waje, na farkon shi ne ake rubuta wa `Bid`, na biyun kuma `Ask`, ratar da ke tsakaninsu ita ce `Spread`. Tayi kullum yana ƙasa da sallama, domin da zarar sun haɗu ciniki ya faɗa, sai kuma a koma ga tayi da sallamar da ke biye.

Wanda ya taɓa zuwa wurin 'yan canji, a Wapa ta Kano ko a Zone 4 ta Abuja, ya riga ya ga wannan rata da idonsa. Idan aka tambayi ɗan canji nawa dala take, kafin ya amsa sai ya ce, "Saye za ka yi ko sayarwa?" Tambayar tana da dalili. A ɗauka, don misali kawai, yana karɓar dala a kan naira 1,500, yana bayar da ita a kan 1,520. Mutum ya zo ya sayi dala 1,000, ya biya naira 1,520,000. Kafin ya bar wurin sai aka kira shi aka ce an fasa tafiyar da zai yi, ya juya ya miƙa wa ɗan canjin dalolin nan da ko ninke su bai yi ba. Naira 1,500,000 za a ƙirgo masa. Dala ba ta tashi ba, ba ta faɗi ba, ba a karɓi la'ada ba, amma naira 20,000 ta bar aljihunsa. Mata masu sayen sarƙar gwal su ma sun san labarin: farashin giram a ranar da aka je saye daban, a ranar da aka mayar daban, ko da a shago ɗaya ne.

Ana auna ratar ne da tsakiyar farashin biyu, wanda ake ɗauka a matsayin kimar abin a wannan lokacin. A misalin nan tsakiyar ita ce 1,510. Mai saye ya biya naira 10 sama da ita, mai sayarwa ya karɓi naira 10 ƙasa da ita. Ke nan a kowane ciniki rabin rata ake biya, wanda ya shiga ya fita kuma ya biya ta cikakkiya. Idan aka raba 20 da 1,510 za a samu kusan kashi 1.3 cikin ɗari, kuma wannan kason shi ne abin dubawa. Ratar kobo 40 a kan hannun jarin da ake sayarwa naira 500 ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Kobo 40 ɗin nan a kan hannun jarin naira 10 kashi 4 ce cikin ɗari, kuma sai farashi ya hau da kwatankwacin haka kafin mai saye ya dawo da uwar kuɗinsa, ballantana a yi maganar riba.

Dalilin da ya sa ake ce mata ɓoyayyen kuɗi shi ne ba ta da layi a takardar ciniki. La'adar dillali da haraji da kuɗin hukuma duk ana rubuta su, mutum ya gani ya yi ƙorafi idan ya ga dama. Rata kuwa a cikin farashin take zaune. Sannan farashin da ake sanarwa a labarai, ko wanda ke yawo a zanen hawa da saukar kasuwa, galibi na cinikin ƙarshe ne ko na ɓangare ɗaya, ba lallai ya zama wanda za a ba mutum ba idan ya danna saye. Shi ya sa sabon ɗan kasuwa kan buɗe ciniki a manhaja ya ga nan take lissafinsa ya nuna ja, ya zaci kasuwa ce ta juya masa baya. Ba abin da ya motsa. Ya saya ne a farashin sallama, manhajar kuma tana ƙiyasta abin da ke hannunsa da farashin tayi. Dillalan da ke tallar cewa ba sa karɓar kamasho da yawansu ta nan suke ci: suna faɗaɗa ratar fiye da yadda suka samo ta, su riƙe bambancin.

Duk da haka ratar ba zamba ba ce a asalinta. Masanin tattalin arziki Harold Demsetz, a nazarin da ya yi kan kasuwar hannun jari ta New York a 1968, ya bayyana ta a matsayin ladan gaggawa. Mai son sayarwa yanzu da mai son saye yanzu ba kasafai suke isowa a lokaci ɗaya ba. Dole a samu wani da ke zaune a tsakani da kaya da kuɗi, yana karɓa daga wannan, yana jiran wancan. Wannan mai zaman yana da ɗawainiyarsa ta hayar wuri da ma'aikata da na'urori. Yana kuma ɗauke da haɗarin kayan da ke hannunsa, domin ɗan canjin da ya kwana da dala 50,000 zai iya wayar gari darajarta ta zube.

Akwai dalili na uku, wanda ya fi sauran zurfi, kuma Lawrence Glosten da Paul Milgrom ne suka tsara bayaninsa a 1985. Mai zaman tsakani bai san wanda ke gabansa ba. Cikin masu zuwa akwai wanda kuɗin makarantar ɗansa kawai yake son haɗawa, akwai kuma wanda ya riga kowa jin cewa kamfanin ya tafka asara, ko cewa babban banki na shirin sauya tsari. Duk lokacin da ya yi ciniki da mai labari, shi ne ke faɗuwa: ya saya ana gab da faɗuwar farashi, ya sayar ana gab da tashinsa. Tunda ba ya iya tantance su, sai ya buɗe ratar yadda abin da zai samu daga marasa labari zai rufe abin da masu labari za su ci daga gare shi. A taƙaice, mai cinikin da bai san komai ba shi ke biya wa wanda ya sani.

Daga nan ake gane lokacin da rata ke buɗewa. Tana matsewa inda masu ciniki suka yi yawa kuma dillalai ke gasa, kamar canjin yuro da dala ko hannun jarin manyan kamfanoni. Tana faɗaɗa a kan ƙananan kamfanonin da sai a yini ba a taɓa su ba, da farkon buɗe kasuwa, da tsakar dare a kasuwar kuɗaɗe, da kuma mintunan da ke kewaye da wata babbar sanarwa. A ranar 15 ga Janairun 2015, da babban bankin Switzerland ya janye ba zato iyakar faran 1.20 da ya sa wa kowace yuro, masu bayar da farashi da dama sun janye gaba ɗaya na wani ɗan lokaci, waɗanda suka sa umarnin tsayar da asara kuma aka sayar musu a farashin da ya yi nisa ƙwarai da inda suka sa. Dokar kasuwa ma tana da hannu. A Amurka an daɗe ana motsa farashin hannun jari da kashi ɗaya cikin takwas na dala, wato santi 12.5, daga baya aka koma ɗaya cikin goma sha shida, sai a 2001 aka mayar da shi santi ɗaya, kuma ratar manyan kamfanoni ta ragu sosai bayan haka.

Ratar da ke kan allo ma ba ita ce iyakar labarin ba, domin ta wani adadi ce kawai. A ɗauki hannun jarin da tayinsa ke naira 9.80, sallamarsa 10.20. A farashin 10.20 guda 5,000 kaɗai aka kasa. Bayansu akwai 10,000 a kan 10.40, sai 20,000 a kan 10.70. Wani ya ba da umarnin a saya masa 20,000 a duk yadda kasuwa take. Za a kwashe na farko a kan naira 51,000, na biyu a kan 104,000, a cike ragowar 5,000 daga na uku a kan 53,500. Jimla 208,500, alhali kimarsu a tsakiyar farashi 200,000 ce. Allo ya nuna masa zai biya kashi 2 cikin ɗari sama da tsakiya, ya ƙare da biyan sama da kashi 4, kuma ranar fita irin wannan matakalar ce ke jiransa ta ɓangaren tayi. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau neman buhu ɗari na abin da ya yi ƙaranci ya san buhun ƙarshe ba ya zuwa a farashin na farko.

Nauyin rata ya dogara ne da yawan shiga da fita. Wanda ya sayi hannun jari ya ajiye shekara goma sau ɗaya ya biya ta, kuma ta narke a cikin shekarun. Wanda ke juya jarinsa duka sau ɗaya a mako, a kasuwar da ratarta rabin kashi ɗaya cikin ɗari ce kacal, bayan zagaye 50 naira miliyan ɗayarsa za ta koma kusan 778,000, ko da farashin bai gusa ko kobo ba. Idan da bashin dillali ake cinikin, abin ya fi haka ciwo, domin ana lissafa ratar a kan girman cinikin ne gaba ɗaya. Yuro 100,000 a kan 1.0850 da 1.0852 ratarsu dala 20 ce. Ga wanda ya ajiye dala 1,085 kawai ya buɗe wannan ciniki, kusan kashi 2 cikin ɗari na kuɗinsa ke nan tun kafin kasuwa ta yi motsi.

Hanyar rage ta tana cikin irin umarnin da ake bayarwa. Umarnin `Market` yana nufin a saya yanzu ko nawa ne, mai shi kuma ya yarda ya biya ratar. Umarnin `Limit` tayi ne irin na kasuwa: mutum ya faɗi farashinsa, misali 9.90, ya zauna jira. Idan wani mai gaggawa ya sallama masa, shi ne ya amfana da ratar maimakon ya biya ta. Sai dai jiran ma yana da nasa kuɗin. Idan farashi ya kama hawa, tayinsa zai tsaya a baya ba wanda ya kula shi, ƙarshe ya bi kaya a 10.60 bayan ya ƙi su a 10.20. Idan kuma aka sallama masa cikin sauri, sau da yawa saboda farashin ya kama hanyar sauka ne, kuma mai sayarwar ya riga shi gani. Wanda ya sa tayi ya zauna ya ɗauki matsayin mai zaman tsakani ke nan, tare da haɗarin nan na haɗuwa da mai labari.