Abin da Baba bai taɓa faɗa ba

Duk wanda ya zauna a layinmu a nan Sabo ya san Baba da rashin magana. Shekara fiye da arba'in yana fataucin goro tsakanin Shagamu, Ibadan da Arewa, amma in ka tara maganar da yake yi a yini, ba za ta cika shafin nan ba. In ka kawo masa abu, "Allah ya yi albarka." In ka tambaye shi ko yana bukatar wani abu, "Alhamdulillahi." A da Inna ce tafintarmu. Kallo ɗaya take masa ta ce, "Baban naku takalminsa ya matse shi." Da Allah ya karɓi ranta, sai muka wayi gari mu shida ba mai iya karanta shi.

Bara, saura wata biyu azumi, muka yi shawara mu haɗa kuɗi mu yi masa wata bajinta. Kowa ya kawo naira 40,000, ya zama 240,000. Aka ɗora mini nauyin gano abin da yake so, da sharaɗin kada ya sani. Ni ne kuwa ɗan fari, wanda Baba ko sunansa ba ya kama wa. Sharaɗin ba don wasa muka kafa shi ba. In ya ji labari tun kafin a saya, zai hana, ya ce a kai kuɗin makarantar yara, kuma ba mai iya musa masa.

Na fara da kuskuren da kowa ke yi. Bayan magariba na zauna gefen tabarmarsa na ce, "Baba, ba wani abin da ya ƙare a ɗaki?" Ya ce, "Akwai komai." Sai daga baya na gane laifin tambayar. A wurin mutum mai kawaici irin Baba, ambaton abin da yake so daidai yake da roƙo, kuma uba ba ya roƙon ɗansa. Ko sau goma na tambaya, amsar ɗaya ce, sai dai in ƙara masa zargin cewa ana shirya wani abu.

Sai na koma na bi sawun kyaututtukanmu na baya, in ga inda kowace ta kwana. Shaddar da ƙanena ya aiko daga Legas, na gan ta a jikin ladanin masallacinmu ranar Juma'a. Babbar wayar da Auta ya saya tana cikin kwalinta a ƙasan gado. Turare kuwa baƙi yake shafa wa. Akwai kuma Alƙur'ani bugun Madina da ƙanwata ta kawo masa tsarabar Umra, mai kyau, mai ruwan zinare a bango. Shi bai bayar ba. Ya naɗe shi a ƙyalle mai tsabta ya ɗora a saman kabad. Dukkansu addu'a iri ɗaya suka samu, kalma da kalma. Wannan ya nuna mini cewa godiyar Baba ba ma'auni ba ce. Abin dubawa shi ne inda kyautar take bayan wata uku.

Daga nan na shiga lura da kayan da yake ta'ammali da su, kuma a nan na kusa yin ɓarna. Rediyonsa ta tsufa ƙwarai, an ɗaure murfin batir da roba, eriyar kuma waya ce ya laƙa. Na ce shi ke nan, na samu. Har na je Ogunpa na yi ciniki. Allah ya taimake ni ban biya ba, na ce bari in ƙara kallo na mako guda. Abin da na gani shi ne kullum da safe yana goge ta da bakin rawaninsa, kuma ko a duhu yatsansa ya san inda kowace tasha take. Bai taɓa tsaki a kanta ba. Ashe gyara iri biyu ne. Akwai abin da mutum ke lallaɓawa don yana ƙaunarsa, akwai wanda yake fama da shi don ba yadda zai yi. Na farko, in ka musanya masa, ka raba shi da abokinsa ne.

Na gwada wata dabara da abokina ya ba ni, wato tambaya da sunan wani. Na ce, "Baba, ina so in yi wa surukina alherin azumi, me ya dace da dattijo?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Sukari da gero. Gidansa da jama'a." Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar surukina ce. Wannan dabarar tana aiki ne ga wanda ke auna kowa da kansa. Baba kuwa ya tsaya ya auna mutumin da aka ambata masa.

Abin da ya buɗe mini ido ba wani abu ba ne da Baba yake yi, wani abu ne da ya daina. Tun muna yara, bayan asuba yakan buɗe gafakarsa ya fito da Alƙur'aninsa na warƙa-warƙa, ya karanta izu biyu, ya sauke a wata. Da azumi izu shida yake yi, sauka uku ke nan. Yanzu sai na lura gafakar tana rataye, shi kuma yana zaune da carbi yana karanta surorin da ya haddace. Yaushe ya daina? Ba wanda ya sani a cikinmu. Mutum mai shiru in ya rasa abu, ba ya kuka, sai dai ya janye a hankali, kuma ba a cika lura da abin da babu shi ba.

To amma me ya sa? Ni dai ba ni da fuskar tambaya. Amma akwai wadda take da ita, 'yata mai shekara tara, wadda yake kira amarya, ita kuma tana ce masa tsohon miji. Tsakanin jika da kaka ba kunya. Ban gaya mata komai ba, don bakin yaro ba ya riƙe sirri. Cewa kawai na yi, "Yau je ki Kaka ya biya miki haddarki." Ta ɗauki Alƙur'aninta na Islamiyya ta tafi, ni kuma na zauna a zaure kamar ina lissafi.

Ya karɓa, ya matso da shi kusa da fuska, ya nisanta, sannan ya mayar mata ya ce ta karanta shi zai saurara. Ta ce, "Tsoho, ko dai ba ka iya ba ne?" Ya yi dariya, abin da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Naku daban ne, amarya. Mu a allo, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Naku fa ce mai ɗigo ɗaya a sama. Sai in ga ƙaf, ashe fa ce." Ta ce to ina nasa. Ya ce, "Nawa ya tsufa kamar ni. Damina ta sha shi."

A nan komai ya haɗu. Baba karatun tsangaya ya yi, da ruwayar Warshu da rubutun Magaribi mai kauri irin na malaman Kano. Bugun Madinan da aka kawo masa na Hafsu ne, da rubutun gabas, siriri. Ya girmama shi, ya ɗora a sama, amma idonsa da harshensa ba su saba da shi ba. Nasa kuwa, ɗakin ya yi yoyo a wata damina, danshin Ibadan ya shiga gafakar, warƙoƙi suka manne, tawada ta baje. Bai faɗa ba, don faɗin zai zama kamar ya raina tsarabar 'yarsa.

Duk da haka ban yarda da hasashena ba sai na gwada. Na roƙi wani direban da ke kai goro Kano ya shiga Kasuwar Kurmi ya samo mini izu ɗaya na Warshu, bugun rubutun hannu mai manyan baƙaƙe. Da ya iso, na ce wa Baba saƙon wani malami ne, ya ajiye mini zuwa jibi. Ba ƙarya na yi ba, don na riga na yi niyyar ba malamin makarantar allon layinmu. Washegari bayan asuba na wuce ta tagarsa, na ji muryarsa da irin jan nan na masu duba takarda. Da na zo karɓa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya iya." Kalma shida daga bakin Baba, ba tare da an tambaye shi ba.

Rigimar da ta rage ta cikin gida ce. Cikakken Alƙur'anin da sabuwar gafakar fata da kuɗin kawowa ba su cinye ko rabin abin da muka tara ba, sai Auta ya ce abin kunya ne mu shida mu kai abin da mutum ɗaya zai iya saya. Na ce masa darajar shaddar da ke jikin ladan ta fi haka, ina amfaninta ga Baba? Da sauran kuɗin muka kira mai gyara ya toshe yoyon, muka sa fitila mai aiki da hasken rana daidai inda yake zama. Tabarau ne kaɗai muka kasa ɓoyewa, don ido sai an auna. Shi mun bari sai bayan sallah, ƙanwata ta kai shi asibiti da saninsa.

Daren da aka ga wata, muka aiki amaryarsa da gafakar. Ya kwance igiyar, ya ɗaga warƙar farko, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Allah ya yi albarka," daidai yadda ya faɗa ranar shadda da ranar waya. Auta ya kalle ni, na ce masa ya ba ni kwana goma. Ranar goma ga azumi, na ga alamar da yake sakawa tsakanin warƙoƙi ta dawo farkon Baƙara.

Rediyon tana nan da robarta. Izu ɗayan nan kuwa na kai wa malam kamar yadda na ce.