Kafin ka saya wa na waje katin kyauta, tambaye shi ƙasar asusunsa

Da yawa daga cikinmu nan Kudu muna da ɗa ko ƙane ko 'yar 'yar uwa a ƙasar waje, kuma wani lokaci mutum yakan so ya ɗauke musu wani ɗan nauyi, kamar kuɗin wata-wata na ma'ajiyar waya ko na kallon fim. Hanya mai sauƙi ita ce katin kyauta: ka saya a nan, a turo maka lamba, ka tura masa, ya shigar. Sai dai lambar nan tana da ƙasa. Kuma ƙasar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta a asusun wayarsa, wadda sau da yawa ta sha bamban da inda yake kwana.

'Yar ƙanwata tana karatun digiri na biyu a Manchester, kuma iPhone take riƙewa. Kamfanin Apple yana ba kowane asusu 5GB kyauta a iCloud, nata kuwa ya cika tun tuni. Idan ya cika, sababbin hotuna ba sa hawa, wayar kuma ta daina ajiye kwafin abin da ke cikinta. A wayar nan akwai hotunan takardun bincikenta da bidiyon kakarta da ta rasu bara. Da wayar za ta faɗa ruwa ko a sace ta, shi ke nan. Na ce zan biya mata ƙarin wuri. Na ƙi tura mata tsabar kuɗi da gangan, domin na san ɗalibi: kuɗin da ya shiga hannunsa cefane yake tafiya.

Kafin in sayi komai na kira ta, na ce ta buɗe Settings, ta taɓa sunanta a sama, ta shiga Media & Purchases, sannan View Account, ta karanta min abin da ke wajen Country/Region.

"Kawu, ai ka san a Ingila nake," in ji ta.

"Na sani, 'yata. Ke dai karanta min."

Ta yi shiru kaɗan, sai ta ce, "Nigeria aka rubuta."

Dalilin a fili yake. A gida ta buɗe asusun tun kafin ta tafi, kuma sauya layin waya ko hawa jirgi ba ya sauya shi. Katin Apple na Birtaniya, wanda kuɗinsa fam ne, asusun Birtaniya kaɗai yake shiga. Na Amurka mai dala ma haka, sai asusun Amurka. Da ta shigar da lambar Birtaniya a wannan hali, wayar za ta ƙi karɓa, ta ce katin na wata ƙasa ne. Kuɗin bai ɓace ba, yana nan a cikin lambar, amma mai sayar da lamba da wuya ya karɓi wadda ya riga ya tura, tunda ba shi da tabbacin ba a kwafe ta ba.

Sauya ƙasar asusu yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne jerin aikin yake da muhimmanci. Dole ne babu sauran kuɗi a asusun. Idan akwai wani abin da ake biya wata-wata, mai yiwuwa sai an soke shi an jira wa'adinsa ya ƙare. Wanda yake cikin rukunin Family Sharing kuma sai ya fita tukuna. Ita ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka ta zaɓi United Kingdom, ta sa adireshin gidan da take haya da katin bankinta na can, aka gama cikin 'yan mintoci. Sai bayan ta turo min hoton shafin da sabuwar ƙasar a jiki na je neman kati.

Lissafin da na yi shi ne wannan. Tsarin iCloud+ mai 200GB a Birtaniya fam 2.99 ne a wata a lokacin. Katin fam 25 zai biya wata 8, wato fam 23.92, ya rage fam 1.08. Wata 8 ɗin ne kuwa suka rage mata ta miƙa kundinta, shi ya sa ban sayi na fam 50 ba. Kuɗin da ya shiga asusu ba a cire shi a mayar tsaba, don haka sayen wanda ya wuce buƙata daidai yake da kulle kuɗi a akwatin da ba ka da makullinsa.

Wajen saye, hanya mafi tsabta ita ce shafin kamfanin na ƙasar da ake nufi, ko babban kanti na can da ke tura lamba ta imel. Matsalarmu ita ce ba kowane katin naira ne yake wucewa a shafukan waje ba, shi ya sa yawancinmu muke komawa ga masu sayarwa da naira. Ba laifi, amma ka raba kuɗin da aka ce maka da adadin fam ɗin, ka gwada da canjin ranar. A ce fam ɗaya naira 2,000 ne, katin fam 25 ya kama 50,000 ke nan. Idan aka ce 55,000, ribar mai sayarwa ce, sai ka duba ko ta yi maka. Wanda ya ce zai ba ka a 35,000 shi nake tsoro, domin ba wanda yake sayar da fam ƙasa da farashinsa don yana ƙaunarka. Irin wannan katin yakan zama an same shi ne ta hanyar damfarar wani, ko kuma an riga an shigar da shi. Ni na sa mai sayarwa ya rubuta min a saƙo cewa katin na Birtaniya ne, na fam, kafin in tura masa ko sisi.

Lambar Apple haruffa ne da alƙaluma 16, tana farawa da X. Duk wanda ya riga shigar da ita shi ne mai kuɗin, don haka ba a tura ta a zauren WhatsApp na dangi. Na tura mata ita kaɗai muna kan waya, ta buɗe App Store, ta taɓa hotonta, ta zaɓi Redeem Gift Card or Code, ta shigar nan take. Amfanin yin haka a take shi ne, idan wayar ta ce an riga an yi amfani da lambar, ko ba a kunna katin ba, kana da hoton saƙon da lokacinsa da za ka nuna wa mai sayarwa tun cinikin yana da ɗumi. Bayan mako biyu kuwa cewa zai yi ku kuka ba wani.

Shigar da lambar ba ya sayen komai da kansa, kuɗi kawai yake zubawa a asusu. Sai da ta koma wajen iCloud ta zaɓi 200GB, sannan aka cire fam 2.99 na farko. Na kuma ja mata kunne cewa duk manhajar da ta saya daga wannan kuɗin za a fara cira, wata 8 ɗin su ragu. Ranar da kuɗin ya gaza, katin bankinta da ke asusun za a taɓa, don haka mun sa ranar a kalanda, ni da ita.

Saura fam 1.08 ɗin nan. Idan ta gama ta dawo gida tana son mayar da asusun Najeriya, shi ma zai tsaya mata a hanya, tunda sai asusu ya zama babu komai ake sauya ƙasa. Ko dai ta kashe shi tun tana can, ko ta tuntuɓi sashen taimako na Apple a share ragowar da ta gaza sayen komai.