Wasiƙa biyu zuwa ga Malam

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Isa da Sabon Birni suna cikinsu. A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa. Ni ina ofis a birnin Sakkwato, aikina duba rahotannin da ake aikowa daga karkara kafin su wuce gaba. Mai rubuta rahoton yankin Gobir wani dattijo ne, ma'aikacin lafiya, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Rahotonsa na wata uku ya iso mini a tsakiyar Oktoba, shafi goma sha huɗu. Na karanta shi da dare, a gajiye, na ga abubuwa iri uku. Na farko, a taƙaitaccen bayanin shafin farko ya ce an sami yara 196 masu tamowa mai tsanani, amma jadawalin shafi na shida ya nuna 48 a Isa da 83 a Sabon Birni, wato 131. Na biyu, a inda yake bayyana abin da ya hana su shiga wasu ƙauyuka, ya ambaci sunayen masu unguwa biyu da suka faɗa masa yadda ake tilasta wa mutanensu biyan kuɗi ga 'yan bindiga. Na uku kuwa ƙananan abubuwa ne: kuskuren rubutu, jimla mai tsawo, jadawali ba take.

Na buɗe takardar a Word, na kunna Track Changes, na bi ta layi-layi har jan rubutu ya rufe baƙin. Sannan na rubuta imel mai layi uku. Na ce alƙaluman ba daidai ba ne, rahoton ba zai wuce a haka ba, a duba gyare-gyaren da ke ciki. Na sa shugabarmu a Cc, don a ganina haka tsarin aiki ya tanada, na aika na kwanta.

Kwana tara ban ji daga gare shi ba. Na ɗora wa rashin sabis laifin, sai da direbanmu ya dawo daga can ya ba ni labari. Ya ce Malam yakan yi tafiya mai nisa, a kan hanyar da kowa ya san hatsarinta, kafin ya kai inda wayarsa za ta kama. A gefen titi ya tsaya ya karanta saƙona. Takardar mai jan rubutu ba ta ko buɗe a wayarsa ba. Layukan nan uku kawai ya gani, da sunan shugaba a samansu. Direban ya ce bai ce uffan ba, ya mayar da wayar aljihu ya ce su koma.

Abin da na daɗe ina juyawa a raina shi ne, babu ƙarya ko ɗaya a saƙon nan. Alƙaluman kam ba su dace da juna ba. Amma gaskiyar da na faɗa ba ta ba shi abin da zai yi da ita ba. Ban gaya masa wane shafi ba, ban nuna masa wace lamba ce ta saɓa da wace ba, abu mafi hatsari kuma, wato sunayen mutanen nan biyu, na binne shi cikin gyaran waƙafi da aya. Ƙari a kan haka, na kira shaida. A wajenmu, idan ƙarami zai yi wa babba gyara, yakan ja shi gefe, ya gaishe shi, ya sassauta murya. Imel ba shi da murya, ba shi da rusunawa, ba ya nuna fuska. Abin da ya rage wa mai karatu shi ne kalmomin da jerin waɗanda aka aika wa, kuma daga wannan jeri yake gane ko shawara ake ba shi ko ƙararsa aka kai. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wannan ya danganta da inda aka tsaya aka faɗa.

Ba ni da damar zuwa in same shi, ba ni da damar kiransa. Imel ɗin da ya ɓata al'amarin shi ne kuma kaɗai hanyar gyara shi. Na zauna na rubuta na biyu, ya ɗauke ni fiye da awa ɗaya ko da yake bai kai rabin shafi ba. Shi kaɗai na aika wa. A wurin take na sa sunan rahoton da kalmomin "tambaya biyu kafin Alhamis", don ya san girman aikin da ranar da ake bukata tun kafin ya buɗe. Ban liƙa wata takarda ba, komai na sa shi cikin saƙon, tunda na san a waya zai karanta.

Na fara da sallama da gaisuwa irin wadda zan yi masa da a gabansa nake, na tambayi iyali da hanya. Sannan na ce: "Malam, saƙona na baya ya zo da gaggawa, kuma bai kamata in sa kowa a ciki ba kafin in ji daga gare ka. A gafarce ni." Ban tsawaita ban haƙurin ba, domin idan ya yi yawa sai ya koma nauyi a kan wanda ake ba.

Daga nan na faɗi abu ɗaya da rahoton ya yi da kyau, kuma na zaɓi wanda gaskiya ne: bayaninsa a kan iyalan da suka baro ƙauyukan Gatawa suka tare a garin Sabon Birni shi ne ya sa muka gane dalilin cunkoson da ake samu a can. Yabon da ba a kama sunan abu ba, kowa ya san share fage ne kawai, kuma dattijo irin Malam zai ji ƙanshin abin da ke biye tun daga nesa.

Batun sunaye na sa a farko, domin shi ya shafi rai. A nan ban yi tambaya ba, ban kuma kewaya ba. Na rubuta: "A shafi na tara akwai sunayen masu unguwa biyu. Rahoton nan zai bi hannuwa da yawa da ba mu sani ba. Ina roƙon a cire sunayensu da na ƙauyukansu, a ce wasu shugabannin al'umma." Ni kaina ban maimaita sunayen a cikin imel ɗin ba.

Batun lissafi kuwa na kawo shi a matsayin tambaya, kuma tambayar gaske ce. Mai karatu da bai san aikin ba zai so ɗan bayani. Ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da wani tef mai launi uku. Idan kaurin ya gaza santimita 11.5, ya faɗa ja, tamowa mai tsanani ke nan. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, matsakaiciya. Da yawan masu tsananin ake neman abincin magani na leda, wanda katan ɗaya ke ɗauke da leda 150, kuma kusan abin da yaro ɗaya ke bukata ke nan har ya warke. Da na sake duba jadawalin a natse, sai na ga bambancin 196 da 131 shi ne 65, kuma 65 ɗin nan daidai yake da yawan yaran Isa da suka faɗa rawaya. Sai na rubuta masa lambobin uku da shafukansu, na ce: "Ko layin rawaya na Isa ne ya shiga cikin jimlar? Ko akwai abin da ban gani ba? Idan 196 ta wuce, za a ware mana katan 65 fiye da bukata, wata ƙaramar hukuma ta rasa." Ƙananan kurakuran rubutu kuwa na ce zan gyara su da kaina idan ya amince.

Amsa ta zo bayan kwana biyu. Ya cire sunayen, ya ce bai yi tunanin inda takardar za ta kai ba. Ya yarda cewa wajen haɗa jimla a Excel ya jawo layin rawaya ciki. Sannan ya ƙara da abin da ya sa na sunkuyar da kai: tara daga cikin yaran nan 65 suna da kumburi a ƙafafu biyu, irin wanda idan aka danna da yatsa wurin ke lotsawa ya daɗe bai ciko ba. Yaro mai wannan alama ana lissafa shi cikin masu tsanani ko da tef ya nuna rawaya. Ya rubuta su a littafinsa na hannu, jadawalin ne ba shi da gurbinsu. Ashe adadin gaskiya 140 ne. Da na tsaya kan hukuncina na farko na mayar da shi 131 da jan alƙalami, da yara tara sun fita daga lissafin abinci, kuma da hannuna.

Ba na cewa tausasa harshe yana magance komai. Na ga saƙonnin da aka lulluɓe gyara da gaisuwa da yabo har mai karatu ya gama bai san ana so ya canza wani abu ba, shi ma wannan cutarwa ce. Akwai kuma lokacin da sanya shugaba ya zama dole: idan an faɗa sau ɗaya, sau biyu, ba a gyara ba, ko idan ana zargin ƙirƙirar alƙaluma ne da gangan. Amma ko a nan, adalci shi ne a sanar da mutum tukuna cewa za a kai maganar gaba. Idan kuma abin ya kai ga zargi, imel ba wurinsa ba ne, sai an zauna ido da ido.

Yanzu kafin in aika irin wannan saƙo nakan bar shi ya kwana. Da safe in karanta shi kamar ni ne a tsaye gefen titi, rana na dukana, cajin waya ya kusa ƙarewa. Nakan tambayi kaina ko na san shafin da zan buɗe, ko na san abin da ake so in yi da ranar da ake so, ko kuma an bar mini ƙofar da zan ce ga abin da ba ka gani ba.

Da Malam ya shigo Sakkwato a ƙarshen shekarar, ya ajiye littafin nan nasa na hannu a kan teburina, ya ce in duba kafin ya fara rubuta rahoto na gaba. Muka zauna tare muka ƙara wa jadawalin gurbin masu kumburi. Bai taɓa tayar da maganar saƙon farko ba, ni ma ban tayar ba.