Naira 24,000 da ta kusa kayar da mu

Mu huɗu aka haɗa a darasin akanta, aka ce mu gina na'urar lissafin harajin albashi a Excel kafin ranar Litinin, kuma maki ashirin ne a kai. Mun ɗauka aikin awa ɗaya ne.

Dokar haraji da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2026 ta yanka kuɗin shiga na shekara hawa-hawa. Naira 800,000 na farko ba haraji, 2,200,000 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, 9,000,000 da ke bin su kashi 18, har a kai kashi 25. Wannan mun gane shi: wanda ya hau hawa na uku, abin da ya shiga hawan kaɗai ake cire wa kashi 18, ba duka kuɗinsa ba.

Sai muka yi tebur. A shafin A muka sa inda kowane hawa ya fara, a B kason harajinsa, a C kuma harajin da ya taru daga hawan da ke ƙasa. Muka sa sifili a C2, muka rubuta wannan a C3 muka ja shi ƙasa:

```
=C2+(A3-A2)*B2
```

Kuɗin da za a yi wa haraji yana E2, amsa kuma ta fito daga nan:

```
=VLOOKUP(E2,$A$2:$C$7,3,TRUE)+(E2-VLOOKUP(E2,$A$2:$C$7,1,TRUE))*VLOOKUP(E2,$A$2:$C$7,2,TRUE)
```

TRUE ɗin nan shi ke sa Excel ya tsaya a lamba mafi girma da ba ta wuce kuɗin ba, shi ya sa dole shafin A ya jeru daga ƙarami zuwa babba.

Muka gwada da miliyan huɗu, ya ba mu 534,000. Har mun fara tattara jakunkuna, sai wata daga cikinmu ta ce mu yi shi da biro tukuna. Kashi 15 na 2,200,000 shi ne 330,000. Saura miliyan ɗaya a kashi 18, wato 180,000. Jimla 510,000. Ina 24,000 ta fito?

Sai bayan sallar isha'i muka gano. Ashe mun kwafe lambobin dokar ne yadda suke, muka sa 2,200,000 a matsayin farkon hawa na uku, alhali faɗin hawa na biyu ne. Hawa na uku yana farawa ne daga 800,000 a haɗa da 2,200,000, wato 3,000,000, na huɗu kuma daga 12,000,000. Naira 800,000 ke nan muka caje wa kashi 18 maimakon 15. Abin haushin, lambobin kuskuren ma a jere suke, don haka Excel bai yi ko tari ba.

Da muka gyara shafin A, 510,000 ta fito. Ba mu miƙa aikin ba sai da muka gwada kuɗi ɗaya daga kowane hawa da biro.