Daƙiƙa huɗu da suka ɓace: abin da ke raba baki da murya a bidiyon waya

Masu tace bidiyo sun san wata matsala da kan ɓoye har sai aiki ya yi nisa. An ɗauki lacca ko hira da waya, an kalle ta a wayar babu wani aibi, an ɗora ta a manhajar tacewa, farkonta ya zauna daidai. Sai can wajen minti na talatin a ga leɓɓan mai magana sun riga muryarsa, ko hoton yana cijewa yana tsalle duk lokacin da kyamara ta juya. Akan zargi kwamfuta da rashin ƙarfi, ko a zargi manhaja. Sau da yawa kuwa asalin abin yana cikin fayil ɗin kansa, wato a yadda waya take lissafin lokaci.

Bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa da sauri, kowane ɗaya ana kiransa firam. Kyamarar sana'a tana ɗaukar su a kan tazara guda wadda ba ta canzawa: idan an saita ta a firam 30 cikin daƙiƙa, kowane firam zai zauna kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa, daga farkon ɗauka har ƙarshenta. Waya ba ta ɗaure kanta da wannan alkawari. Lambar 30 da ke rubuce a saitinta buri ne kawai. Idan haske ya yi ƙasa, takan rage yawan firam domin kowane ɗaya ya sami lokacin tara haske. A iPhone akwai saitin `Auto FPS` da ke sauko da ɗauka daga 30 zuwa 24 a wuri mai duhu. Idan wayar ta yi zafi, ko aiki ya yi mata yawa, takan tsallake wasu firam. Ɗaukar fuskar waya ko ta kwamfuta ya fi kowanne tsanani, domin wasu manhajojin ba sa rubuta sabon firam sai wani abu ya motsa a fuskar.

Wannan ba lalacewa ba ce. Wayar tana rubuta wa kowane firam lokacin da ya kamata ya bayyana, kuma manhajar kallo tana bin wannan rubutu sau da ƙafa, shi ya sa bidiyon yake tafiya lafiya lau a waya. Manhajar tacewa kuwa an gina ta ne a kan layi mai gurabe daidai wa daida, kamar matakan tsani, kowane gurbi yana jiran firam ɗaya. Da zarar an kawo mata fayil mai tazara mabambanta, dole ta yi ɗayan biyu. Ko ta jera firam ɗin ɗaya bayan ɗaya ba tare da duba lokacinsu ba, sai tsawon hoton ya canza ya rabu da sauti. Ko ta yi ƙoƙarin bin lokacin tana maimaita wasu tana zubar da wasu a yayin da ake aiki, sai a sami cijewa. Shi sauti ba ya shiga wannan rikici, domin ana ɗaukarsa a kan ma'auni tsayayye, galibi sau 48,000 ko 44,100 cikin daƙiƙa.

Lissafin lacca ɗaya

A ɗauka an ɗauki lacca ta minti 40 a wani zaure, waya tana kan firam 30, muryar malamin kuma ana naɗarta a wata na'ura daban da aka jona da makirufo. Minti 40 daƙiƙa 2,400 ne, saboda haka cikakken fayil ya kamata ya ƙunshi firam 72,000. A minti na 25 aka ɗauke wuta, zauren ya dushe na daƙiƙa 20 kafin janareta ya tashi. A wannan ɗan tsakani wayar ta sauko zuwa firam 24, wato tana rasa firam 6 a kowace daƙiƙa. Shida sau ashirin, firam 120 ke nan. Fayil ɗin ya fito da firam 71,880.

Idan manhajar tacewa ta jera waɗannan a gurabe talatin-talatin, hoton zai ƙare a daƙiƙa 2,396, sauti kuma yana nan da 2,400 ɗinsa. Daƙiƙa huɗu sun ɓace. Abin lura shi ne ba a rarrabe suka ɓace ba. Minti 25 na farko suna daidai, sannan cikin daƙiƙa ashirin hoto ya tsere wa murya da daƙiƙa huɗu, ya kuma ci gaba a haka har ƙarshe. Wannan ne dalilin da ya sa dabarar da aka fi garzayawa gare ta, wato a ja sautin a matse shi har tsawonsa ya yi daidai da na hoto, ba ta warkar da komai. Takan daidaita farko da ƙarshe ne, ta ɓata tsakiyar da a da lafiyarta ƙalau.

Yanayin saɓanin shi ne yake nuna tushensa. Idan tazarar baki da murya ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kuskuren ɗora sauti ne, a matsar da shi kawai. Idan tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan a kan ma'auni ɗaya, mai yiwuwa agogon na'urar sauti ne ya ɗan saɓa da na waya, ko an fassara fayil mai 29.97 a matsayin 30. A nan jan sauti yana aiki. Idan kuwa tazarar tana zuwa ne tsalle-tsalle, wani wuri daidai wani wuri a karkace, to canjin yawan firam ne.

Yadda ake tabbatarwa

Manhajar MediaInfo, wadda kyauta ce, tana bayyana abin cikin daƙiƙa kaɗan. A sashen bidiyo akwai layin `Frame rate mode`, wanda zai nuna `Constant` ko `Variable`. Amma ganin `Variable` kaɗai bai isa a tayar da hankali ba, domin mafi yawan fayilolin waya haka suke nunawa. Layukan da ke ƙasa su ne masu magana: `Minimum frame rate` da `Maximum frame rate`. Fayil ɗin da ke yawo tsakanin 29.9 da 30.1, in gajere ne, da wuya ya ba da wahala. Na laccar nan zai nuna matsakaici 29.95, mafi ƙanƙanta kuma wajen 24. Dubi yadda matsakaicin yake yaudara: 29.95 kamar ba komai ba ne, alhali daƙiƙa huɗu ne a ɓoye a cikinsa. Tsawon ɗauka da faɗin tazarar su ne ma'auni.

Juyawa kafin tacewa

Maganin shi ne a sake rubuta fayil ɗin a kan tazara tsayayya tun kafin ya shiga manhajar tacewa. Mai juyawar yana karanta lokacin kowane firam, ya sanya shi a gurbin da ya fi kusa da lokacinsa, ya cike gurbin da ya zama wofi da maimaicin firam ɗin da ya gabata. A laccar nan zai ƙara maimaici 120 a daidai wurin da aka ɗauke wuta, fayil ya koma firam 72,000, hoto da murya su ƙare tare.

A HandBrake ana shiga sashen `Video`, a zaɓi 30 a `Framerate (FPS)`, sannan a danna `Constant Framerate`. A nan ake yawan tuntuɓe, domin da yawa daga shirye-shiryen saitinsa suna zuwa ne a kan `Peak Framerate`, wanda iyaka kawai yake sanyawa daga sama, ya bar canjin yadda yake. Ingancin hoto a sa shi wajen `RF 18`, a kuma leƙa sashen `Dimensions` don kada a rage girman hoton ba da niyya ba. Mai amfani da FFmpeg kuwa layi ɗaya ya ishe shi:

```
ffmpeg -i lacca.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 18 -c:a copy lacca_30.mp4
```

Sashen `fps=30` shi ne yake daidaita tazarar, `-crf 18` yana riƙe ingancin hoto kusa da na asali, `-c:a copy` kuma yana kwafe sautin ba tare da an taɓa shi ba. Bayan an gama, a sake buɗe sabon fayil a MediaInfo a ga ya koma `Constant`, a duba tsawonsa ya yi daidai da na asali, sannan a kalli bakin mai magana a farko, a tsakiya, da ƙarshe. Wanda ya saba tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farkon ɗauka da ƙarshenta ya sauƙaƙa wa kansa wannan bincike ƙwarai.

Zaɓen lambar da za a juya zuwa gare ta yana buƙatar natsuwa. Ƙa'idar ita ce a bi lambar da aka saita wayar a kanta, ba matsakaicin da MediaInfo ya nuna ba. Babu layin tacewa mai 29.95. Sai dai idan za a haɗa ɗaukar da ta wata kyamara, ko za a miƙa aikin ga gidan talabijin. Talabijin a Najeriya da Nijar a kan firam 25 aka gina shi, kuma sauko da 30 zuwa 25 yana nufin zubar da firam ɗaya cikin kowane shida, abin da ido yake kamawa a duk motsi mai tsawo. Wanda ya san aikinsa can zai nufa, gara ya ɗauka a 25 tun farko. A iPhone saitin `Show PAL Formats` yana buɗe wannan zaɓi.

Iyakar maganin

Juyawa tana dawo da lokaci, amma ba ta dawo da hoton da ba a ɗauka ba. Daƙiƙa ashirin ɗin nan na duhu za su ci gaba da ɗan cijewa, domin a cikinsu ana maimaita firam ɗaya bayan kowane huɗu. Inda mai magana yake zaune, da wuya a lura. Inda kyamara take juyawa, za a gani. Kowace juyawa kuma tana ɗan rage inganci, don haka a yi ta sau ɗaya, daga fayil na asali, a kuma adana na asalin. Haka nan akwai cijewar da ba ta da alaƙa da yawan firam: tsarin matse bidiyo na HEVC da wayoyi da yawa suke amfani da shi yana da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta. Alamarta ita ce hoton yana cijewa a lokacin tacewa amma ya fito sumul bayan an fitar da aikin.

Gaskiya ne manhajojin tacewa sun inganta. Premiere Pro, alal misali, tun 2018 yana gane irin waɗannan fayiloli, yana kuma ba da zaɓin `Preserve Audio Sync`. Ga ɗan bidiyo na minti ɗaya ko biyu, wannan yakan wadatar. Ga doguwar ɗauka, ko wadda sautinta ya fito daga wata na'ura, ko wadda za a haɗa da kyamarori da yawa, juyawa tun farko ita ce mafi aminci. Kuma lallai ne ta zo kafin yanka na farko. Wanda ya riga ya yi yanka ɗari a kan tsohon fayil, sannan ya musanya shi da sabo, zai tarar duk yankan da ke bayan minti na 25 ya gusa da daƙiƙa huɗu, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa.