Shafi 12 na rubuta, 4 suka rage

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma ku daure, don abin da ya kusa jawo mini ƙarin zangon karatu ne.

Kundina na kammala digiri a kan adashin matan Hausawa ne a Sabo, Ibadan. Da na zo rubuta shimfiɗar babi na ɗaya, wato bayanan share fage, sai na ce bari in nuna wa mutanen nan na yi karatu. Na faro daga jihadin 1804, na gangaro haɗewar Arewa da Kudu a 1914, na shiga bayanin mene ne talauci, mene ne ƙananan basussuka, har da labarin Muhammad Yunus da bankin Grameen da kyautar Nobel ta 2006. Bayan nan na cika shafi biyu ina bayanin yadda adashi yake: mata goma, kowace ta zuba naira 2,000 duk mako, ɗaya ta kwashi 20,000, haka har ya zagayo. Shafi 12 cif. Na kai ina ji da kaina.

Sufabaiza ɗina Bayarabiya ce, ta daɗe tana koyar da ilimin zamantakewa. Bayan mako biyu ta dawo mini da shi, jan biro tun daga shafin farko har na tara. A na goma ne kawai ta zagaye jimla ɗaya ta sa alamar tambaya. Jimlar ita ce: "Saboda kulle, yara ne ke kai zubi gidan uwar adashi."

Na ce, "Ma, ai wannan a bayyane yake."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce kakarta ta yi esusu, uwarta ta yi, ita ma tana yi da abokan aikinta, to shafi biyun nan wa nake koya wa? Yunus kuwa, ita ce ta koyar da mu shi a aji uku. Amma wannan kullen, mene ne shi? Wa yake hanawa fita, zuwa ina, kuma ta yaya macen da ba ta zuwa kasuwa take samun kuɗin zubi duk mako? Ta ce in na kasa gyarawa kafin ƙarshen wata, sunana ba zai shiga jerin masu kare kundi na wannan zangon ba.

Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Ƙarin zango yana nufin ƙarin kuɗin haya da na makaranta, kuma na san yadda Baba yake haɗa su.

Da dare na zauna na gane inda na yi kuskure. Abin da na sha wahala kafin na koya, shi na ɗauka kowa ma bai sani ba, sai na zuba shi da yawa. Abin da na tashi a cikinsa tun ina yaro, ni da kaina na sha kai wa Inna zubi a ƙulle a bakin hankici, shi na ɗauka kowa ya sani, sai na wuce shi da kalma ɗaya. Alhali ita mai karantawar akasina ce: littafin ta riga ni saninsa, cikin gidanmu ne ba ta taɓa shiga ba.

Sai na ɗauki fensir na bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, ina yi wa kowane tambaya biyu. Ta san wannan? In ba ta sani ba, za ta iya fahimtar sakamakona na babi na huɗu ba tare da shi ba?

Abin da ta sani sarai, kamar ma'anar talauci da labarin Grameen, na mayar da shi jimla ɗaya da sunan marubuci, don a san na karanta.

Abin da ta san irinsa, gada kawai na yi masa. Shafi biyun adashi ya koma layi uku: adashi daidai yake da esusu na Yarabawa, wanda William Bascom ya yi rubutu a kansa tun 1952, ana ce wa kuɗin da ake bayarwa zubi, karɓar jimlar kuma kwasa, mai riƙe amanar ita ce uwar adashi. Shi ke nan.

Abin da ba ta sani ba sosai amma bincikena bai jingina da shi ba, nan ne yankan ya fi ciwo. Tarihin jihadi na fi so a duk babin, kwana uku na yi a laburare a kansa. Amma ko an cire shi, babu teburi ɗaya a babi na huɗu da zai rikice. Na cire. Tarihin da na bari shi ne na unguwar kanta: an kafa Sabo a 1916, kuma Abner Cohen ya yi littafi a kan Hausawanta a 1969.

Abin da ba ta sani ba kuma ba za ta fahimce ni ba sai da shi, shi na ba fili. Kulle ya tashi daga kalma ɗaya zuwa shafi ɗaya da rabi: cewa matar aure tana zaune a gida amma tana sana'a, tana ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko ɗinki, yara suna kai talla su dawo da ciniki, su ne kuma 'yan aike tsakanin gidaje, da cewa tsananinsa ya bambanta daga gida zuwa gida. Na kuma ƙara biki, wanda da ban ma ambata ba: gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, wadda ake sa ran a mayar mata in nata ya zo. Ba tare da wannan ba, mai karatu zai ga matan da na yi hira da su suna neman a ba su kwasa gab da wani biki, ya ɗauka almubazzaranci ne, alhali wani nauyi suke saukewa.

To amma yanka ma yana wuce gona da iri. Don in gwada, na ba wani abokina Bayarabe ɗan ajinmu, na ce kada ya gyara mini Turanci, ya sa ɗigo kawai inda ya tsaya ya koma baya, ya ja layi inda idonsa ya fara tsallake. Layi ɗaya ya ja, a wani ragowar bayani kan bankuna. Ɗigo biyu ya sa, ɗaya a inda na ce wata tana da "hannu biyu" a adashi. Na ƙara rabin jimla: tana zubi biyu, tana kwasa sau biyu. Da ɗan Arewa na ba, da ya wuce wurin bai ji komai ba. Shi ya sa mai gwada maka rubutu ya kamata ya yi kama da wanda zai karanta shi, ba ya yi kama da kai ba.

Abu ɗaya kuma: in tsarin sashenku ya wajabta sashen ma'anar kalmomi, kada ka goge shi don wai malami ya sani. Ka taƙaita, ka sa kalmomin da kai kaɗai ka zo da su a gaba.

Na mayar mata da shafi 4. Ta karanta a gabana, ta sa hannu, ta ce in wuce babi na biyu. Sunana ya shiga jerin, alhamdulillahi.

Abin dariyar, bayan wata ɗaya aka ce in yi bayanin binciken a taron ɗaliban Arewa na makarantarmu. Na fara bayanin kulle ke nan wata 'yar Zariya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu za ka gaya wa kulle? Faɗa mana mene ne esusu." Sai da na sake juya yankan gaba ɗaya a tsaye.

Kafin ka goge ko ka ƙara sakin layi a daren nan, rubuta sunan wanda zai karanta a saman takardar tukuna. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.